Babi na biyu: yadda na farke shi na sake ɗinkawa

Litinin, 26 ga Fabrairu 2024

Yau na karɓo babi na biyu na kundin mastas ɗina daga ofishin Dakta mai duba aikina, wato bitar ayyukan da suka gabata, shafi 31 da na kwashe kusan wata uku ina haɗawa. Na shiga da ɗan taƙamata don na san na yi karatu, takardu 34 na duba ba wasa ba. Abin mamaki babu jan biro da yawa a jiki, lamba ce kawai ta rubuta a saman shafin farko, 47/52. Na ɗauka maki ne har na fara murmushi, sai ta ce a'a Malam, sakin layi 52 ka rubuta, 47 daga ciki da sunan marubuci suka fara. Wane ya ce kaza, wane ya gano kaza, haka kuma wane ya bayyana cewa kaza. Ta ce kai da kake malamin firamare ai ka san rajista, ka kira suna yaro ya amsa ya zauna ka kira na gaba, to rajista ka kawo min.

Na ce ranki ya daɗe ai haka na ga ana yi a kundayen da ke laburare. Ta ce ta sani, wasunsu ma ita ta sa musu hannu tana ƙyashi. Sai ta jefo min tambaya: da za a zaunar da Fafunwa da Piper a ɗaki ɗaya, a kan me za su yi musu? Na yi shiru. Masu bincike ne kan koyarwa da harshen uwa, na karanta su duka biyun, kowanne na ba shi sakin layi guda cikakke, ɗaya a shafi na 6 ɗaya a shafi na 19, amma wallahi ban taɓa ɗora su kusa da juna a kaina ba.

Don in tuna wa kaina in na dawo karanta wannan nan gaba: bincikena na mastas a kan abin da ke faruwa da yara ne a aji 4 a makarantun ƙauye a wata ƙaramar hukuma a Jigawa, lokacin da ake cewa an bar koyarwa da Hausa an koma Turanci. Ta ba ni zuwa bayan salla.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Na zauna daren jiya na yi kanun magana uku, binciken da aka yi a Nijeriya, wanda aka yi a sauran Afirka, da na wajen Afirka, na kwashi sakin layukana na zuba kowanne a ƙarƙashin nasa. Awa biyu na gama har ina jin daɗi. Da safe na sake karantawa na ga rajistar nan ce dai, kawai na raba yaran aji A da B da C. Na gwada wasu kanun, fa'idoji, ƙalubale, mafita, shi ma duk kanwar ja ce.

Ga gwajin da na yi da kaina kuma ya tsorata ni. Na yanki sakin layi na 4 na kai shi wurin na 11, na kawo na 11 wurin na 4, na karanta daga sama. Babu abin da ya lalace. Ko uwargida da na ba ta ta duba ba ta gane an taɓa komai ba. Rubutun da za ka juya masa sakin layi yadda ka ga dama bai ji a jikinsa ba, to babu wata magana da yake bi, tari ne kawai kamar buhunan da aka jibge a sito.

Talata, 5 ga Maris

Na ajiye rubutun gaba ɗaya na buɗe Excel. Kowace takarda layi ɗaya. A saman kuma tambayoyin da zan yi wa kowacce, iri ɗaya ba canji: a ina aka yi, wane aji, me aka yi da harshen uwa takamaimai (da shi ake koyar da duk darussa ko darasin karatu ne kawai ake yi da shi), shekara nawa aka yi ana yin hakan, me aka auna a ƙarshe, da su wa aka kwatanta yaran, me kuma aka ba su bayan canjin harshe, sai sakamako, sai lambar shafi.

Na zaci kwana biyu zai ɗauke ni tunda ai na karanta su. Ina! Na fara da takarda ta farko na ga taƙaitawar da na yi mata a da ba ta amsa ko rabin tambayoyin nan ba, saboda gaskiyar magana tsakure da kammalawa kawai na karanta a yawancinsu, sashen hanyar bincike tsallake shi nake yi don alƙaluma sun yi yawa. To amsar "da su wa aka kwatanta" a can take kwance. Yau na cike layi 5. Wuta kuma tun azahar babu, lafto ta mutu a layi na shida, sai gobe in na kai caji.

Asabar, 9 ga Maris

Layi 34 sun cika, ko in ce an taɓa kowanne. Abu na farko da ya fito fili kuma ya ɗan ba ni kunya: takardu 13 daga ciki gidajensu kusan duk fanko ne, ba su auna komai ba, ba su je makaranta ko ɗaya ba, ra'ayi ne da nasiha, marubucin ya ce harshen uwa na da kyau ya kawo wasu da su ma suka ce yana da kyau. A tsohon babina ina rubuta musu "ya gano cewa" daidai da wanda ya shekara shida yana bin yara da jarrabawa. Na shafa musu ruwan ɗorawa. Ba zubar da su zan yi ba, suna da amfani wajen nuna yadda masana a nan gida suke kallon lamarin, amma ba za su zauna a kujerar shaida ba.

Na kuma ware wasu guda 4 da takardun hukuma ne, kamar rahoton UNESCO na 1953 da ya ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshensa, da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 da aka yi ta sabuntawa, wadda bugun 2004 ya ce shekara uku na farko da harshen yankin za a koyar sannan a koma Turanci a aji 4, sai kuma wadda majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da ita a ƙarshen Nuwamban 2022 da ta ce shekara shida. Waɗannan suna faɗin abin da ake so a yi ne, ba su ce ga abin da ke faruwa a aji ba. Cummins na 1979 shi ma gidansa daban, ra'i ne, cewa ƙwarewar karatu da yaro ya samu a harshe ɗaya tana iya tsallakawa zuwa na biyu. Da na sa shi a tsakiyar masu gwaji kamar ya je wani ƙauye a Afirka ya auna yara.

Saura 16 ke nan da suka taɓa aji da hannunsu.

Laraba, 13 ga Maris (azumi na 3)

Bayan sahur barci ya ƙi zuwa sai na buɗe jadawalin, kuma maimakon in bi shi a kwance layi-layi kamar yadda na cike shi, sai na bi shi a tsaye. Na ɗauki gidan "me aka auna" kaɗai na sauko daga sama har ƙasa. Nan ne kaina ya buɗe.

Tun farko abin da ke damuna a raina shi ne wai masu binciken sun saɓa, wasu sun ce harshen uwa na taimaka wa Turanci wasu sun ce a'a, ni kuma da yake ban san yadda zan yi da saɓanin ba sai na nisanta su da juna da shafi goma sha uku kowa ya faɗi tasa. Ga yadda tsohon rubutun yake, na taƙaita:

"Fafunwa da abokan aikinsa sun gudanar da shirin firamare na shekara shida a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci, kuma sun gano cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba." Sai can gaba: "Taylor da von Fintel (2016) sun yi bincike a Afirka ta Kudu sun gano cewa koyarwa da harshen uwa a aji 1 zuwa 3 tana inganta Turancin yara a aji 4 zuwa 6." Sai can gaba kuma: "Piper da abokan aikinsa (2018) sun yi bincike a Kenya sun gano cewa shirin harshen uwa bai ƙara wa yara Turanci ko Suwahili ba."

Kowace jimla gaskiya ce, amma mai karatu zai tashi da biyu da ɗaya kamar sakamakon ƙwallo. Da na kalli gidajen jadawalin a tsaye sai ga shi ashe ba abu ɗaya suka yi ba. A Ife da Yarbanci ake koyar da lissafi da kimiyya da komai tsawon shekara shida, Turanci darasi ne guda. A Afirka ta Kudu shekara uku ake koyarwa da harshen uwa, kuma Turancin da aka duba na bayan an yi canjin ne, aji 4 zuwa 6. A Kenya kuwa darasin koyon karatu ne aka yi da Lubukusu da Kikamba a aji 1 da 2, kuma tun yaran suna ƙananan ajin aka auna su. Su kansu masu binciken na Kenya a takardarsu ta 2016 sun nuna karatun yaran a harshensu ya ƙaru. Wato inda aka shuka nan ya fara tsirowa, ba a jira an ga ko zai kai gonar maƙwabci ba.

To amsar tambayar Dakta ke nan, bayan sati biyu da 'yan kwanaki. In aka zaunar da su ɗaki ɗaya, kafin su kai ga musu a kan sakamako sai sun fara musu a kan me ake nufi da "koyarwa da harshen uwa", da kuma yaushe ya kamata a auna.

Juma'a, 15 ga Maris

Na rubuta sabon sakin layin, na jigo na farko. Sau huɗu ina gogewa. Ga inda ya tsaya:

"Ko ƙwarewar da yaro ya samu a harshensa tana tsallakawa zuwa Turanci, amsar da ake samu ta danganta da tsawon lokacin da aka yi ana koyarwa da harshen da kuma lokacin da aka auna. Inda harshen uwa ya zama harshen koyarwa na shekara uku zuwa shida, kuma aka duba Turancin yara a manyan azuzuwan firamare, an samu ko dai sun yi daidai da waɗanda aka koma da su Turanci da wuri ko sun ɗara su, kamar a Ife da Afirka ta Kudu. Inda kuwa darasin karatu ne kawai a aji 1 da 2 aka kuma auna nan take, kamar a Kenya, ribar ta tsaya a karatun harshen uwar, ba a gan ta a Turanci ba. Wannan bai rushe ra'in Cummins ba, amma bai tabbatar da shi ba, domin binciken na Kenya bai bi yaran zuwa ajin da za a sa ran ganin tsallakawar ba."

Jimlar farko tawa ce, babu sunan kowa a ciki, kuma magana ce da wani zai iya cewa ban yarda ba. Sunayen sun koma baya sun zama shaidu. Sakin layi uku da ɗoriya sun dunƙule sun zama ɗaya, kuma yanzu in ka ɗauke shi daga wurinsa na bayansa zai rasa madogara, don na bayan da "amma ko a Ife ɗin ma" ya fara.

Wani abu da na lura, kalmomin haɗi sun canza da kansu. Da "haka kuma" da "bugu da ƙari" da "har ila yau" ne suka cika babin, na danna Ctrl+F na ƙirga "haka kuma" sau 29. Yanzu "inda kuwa", "domin", "sai dai", "saɓanin haka" suke zuwa, don akwai abin da ake haɗawa da gaske.

Lahadi, 24 ga Maris

Kwana tara ban rubuta komai a nan ba, jarrabawar ƙarshen zango ta yara ga azumi ga zafi, in na sha ruwa jikina ba ya ɗaukar komai. Amma jigo na biyu ya fito, daga gidan "me kuma aka ba su", kuma shi ya fi ba ni wahala saboda yana taɓa abin da ni kaina nake so ya zama gaskiya.

Ni dai tun asali ina goyon bayan a koyar da Hausa, shekara goma sha ɗaya ina ganin yaro ɗan aji 5 yana kwafar allo tsaf da rubutu mai kyau bai san me ya rubuta ba. Don haka shirin Ife kamar tutata ce. To da na koma sashen hanyar bincikensa da idon jadawali sai na ga ba harshe kaɗai aka canza ba. An rubuta sabuwar manhaja, an yi sababbin littattafai, an horar da malamai, kuma rukunin gwaji na farko a makarantar Modakeke an ba su ƙwararren malamin Turanci na musamman. Masu shirin ba su ɓoye ba, sun ma yi ƙoƙarin raba abubuwan, akwai rukunin da aka ba sabuwar manhajar amma aka bar su a tsarin komawa Turanci, daga baya kuma aka faɗaɗa zuwa wasu makarantu. Duk da haka in yaron da ke da malamin Turanci na musamman ya yi kyau a Turanci, ba za ka rantse cewa Yarbancin ne kaɗai ya yi aikin ba.

Na sauko gidan sai na ga abu ɗaya a shirin RARA da aka yi a Bauchi da Sakkwato a 2014 zuwa 2015 kan karatun Hausa a aji 2: jagoran malami, littafin ɗalibi, horo, da masu zagayawa suna duba malamai. Nan ma abin da aka gwada ƙunshi ne. Kuma in ka lura tambayarsu ma daban ce, yadda za a koyar da karatun Hausa da kyau suke nema, ba su kwatanta Hausa da Turanci ba. A tsohon babina na sa shi cikin hujjojin cewa Hausa ta fi Turanci. Kuskure ne ƙarara kuma da na je difens, wato zaman kare kundi, da shi da wani ya kama ni.

Wanda ya zo ta wata hanya shi ne na Afirka ta Kudu, kuma sai yanzu na gane darajarsa. Su ba shiri suka kawo da littattafai ba, bayanan makarantu masu yawa suka duba. In ka kwatanta kai tsaye, makarantun da ke farawa da Turanci su ne a gaba, amma ai su ne kuma galibi masu hali. Sai suka kwatanta yaran makaranta ɗaya da junansu, waɗanda suka shigo lokacin ana koyarwa da wannan harshe da waɗanda suka shigo bayan makarantar ta canza, sai sakamakon ya juya ya koma wajen harshen uwa. Wannan takarda ɗaya yanzu ta fito a jigo na farko ta kuma fito a na biyu, kowane wuri da fuskar da ake buƙata. Da ina ganin laifi ne ka ambaci takarda sau biyu, kamar ka kira yaro sau biyu a rajista.

Juma'a, 29 ga Maris

Na tura wa Dakta jigo biyun ta waya don in ji ko ina kan hanya. Ta kira bayan la'asar. Ta ce hanya ce, amma na faɗa ɗaya ramin. Ta karanto min wata jimla tawa: "Bincike ya tabbatar da cewa yara sun fi fahimta da harshensu", sai na buɗe baka na jera sunaye bakwai a ciki. Ta ce Malam cikin bakwai ɗin nan nawa ne suka auna fahimta? Na buɗe jadawali tana kan layi. Biyu. Uku masu ruwan ɗorawa ne, ɗaya rahoton UNESCO ne, ɗaya kuma saurin karatu ya auna, kalma nawa yaro ke karantawa a minti, wanda ba shi ne fahimta ba.

Wato daga rajista na koma taron gangami, na tara mutane a baka ɗaya ina sa su amsa amin a kan abin da ba su faɗa ba. Kuma wannan ya fi na farkon haɗari, don rajista ko ba komai ba ta yi wa kowa ƙarya. Dokar da na sa wa kaina daga yau: duk sunan da zai shiga baka sai na iya nuna shafin da ya faɗi wannan maganar, da wannan ma'aunin. Jimlar ta koma biyu, ɗaya ta masu auna fahimta ɗaya ta mai auna sauri, masu ra'ayi kuma na mayar da su sashen manufa da "suna ganin".

Ta kuma hana ni "tabbatar". Ta ce takarda biyu ba sa tabbatar da komai, suna nuni ne.

Asabar, 13 ga Afrilu

Barka da salla ga ni kaina. Jiya na dawo kan aiki da matsalar Nijar. Ina da magana a kan makarantun gwaji masu harshe biyu da aka fara a Damagaram a 1973, Hausa da Faransanci, kuma ita ce mafi kusa da nawa tunda harshen ɗaya ne. Sai dai gidan lambar shafi fanko ne, na bi sawu na ga ashe ban taɓa karanta rahoton asali ba, daga wata takarda ta Turanci na ɗauko, ita ma ambato ta yi. Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na yi tunanin in bar shi haka wa zai sani, amma a rubutu irin na jigo abin ba ya ɓuya, don sai na faɗi shekara nawa aka koyar da me aka auna kafin in san gefen da zan ajiye shi, kuma ba ni da amsar. Na rubuta shi a matsayin abin da wane ya ruwaito, na cire shi daga cikin shaidun jigo na farko na bar shi a tarihi. Wani abokin karatunmu ɗan Maraɗi ya ce in na samo rahoton zai zauna da ni mu karanta.

Jigo na uku kuma daga gidajen da babu komai ya fito. Na ƙara tambaya ɗaya a jadawalin: an shiga aji an saurari harshen da malami ke magana da shi? Cikin 16 ɗin nan, 3 ne kawai na iya rubuta wa e. Sauran sun ɗauki abin da takarda ko shugaban makaranta ya ce a matsayin harshen koyarwa. Ni kuwa na san ajinmu. A takarda aji 4 Turanci ne, a zahiri malam zai karanta jimla daga littafi da Turanci, ya fassara, ya yi bayani da Hausa, ya yi faɗa da Hausa, ya rubuta a allo da Turanci, jarrabawa ta zo da Turanci. To wannan yaron a wane gida za a sa shi, na Hausa ko na Turanci? Duk jigo na farko ya ginu ne a kan "shekara nawa aka yi da harshen uwa", alhali a irin makarantunmu wannan lambar ma ba a san ta ba sai an shiga an zauna.

Giɓin da zan cike ke nan, kuma shi ne dalilin da ya sa babi na uku zai zama zama a aji da na'urar ɗaukar murya. A tsohon babin giɓina shi ne "ba a taɓa yin wannan bincike a ƙaramar hukumar kaza ba", wanda in aka bi ta haka akwai giɓi 774 a Nijeriya.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na buga a shagon bakin kasuwa, shafi 19 daga 31. Na ji tsoron raguwar har na so in mayar da wasu masu ruwan ɗorawan don ya yi kauri, na dai daure. Kafin in kai na yi ƙidayar Dakta da kaina, sakin layi 33, guda 4 ne suka fara da suna, kuma huɗun duk inda na tsaya ne na warware bincike ɗaya dalla-dalla saboda sauran maganar a kansa take, kamar Ife. Wannan ban ga laifinsa ba. Na kuma karanta jimlolin farko na kowane sakin layi su kaɗai a jere, na ji suna ba da labari ɗaya daga manufa zuwa tsallakawa zuwa ƙunshi zuwa abin da ke faruwa a aji, ban da wuri ɗaya a shafi na 12 da magana ta yi tsalle, na sa jimlar haɗi da biro.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na karɓo. Wannan karon jan biro ko'ina, har bayan takarda. A gefen sakin layin Kenya ta rubuta cewa binciken ya kuma samu lissafin yaran ya ɗan yi ƙasa, me ya sa na yi shiru a kai? Gaskiyarta, yana cikin jadawalina a gidan sakamako, ni na tsallake shi don bai dace da labarin da nake so ba. A jigo na uku kuma inda na rubuta "babu binciken da ya", ta goge ta sa "cikin ayyukan da aka duba", ta ce akwai rubuce-rubuce kan cakuɗa harshe a aji a Nijeriya da Gana da ban nemo ba, in nemo aƙalla biyar in ƙara musu layi kafin in ce uku ne kawai.

Na ce ranki ya daɗe to babi na uku fa? Ta ce in fara, amma in dawo da wannan ranar 9 ga Mayu tare da jadawalin a buge, tana so ta ba wasu ɗalibanta biyu su gani. Sai na gyara shi tukuna, don akwai gidan da na rubuta "wannan mutumin surutu kawai yake".